Ninki a Kan Hancin Zalia

Saura mako guda a yi addu'ar arba'in ta Hajiya Zalia, amma mijinta, Malam Fataw, bai ɗora ko harafi ɗaya a kan takardar wannan watan ba. Duk Bahaushen da ya daɗe a unguwar Bronx ta New York ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara ashirin da ɗoriya mutumin nan yana fitar da takardar ƙungiyar zumunta, shafi huɗu, kowane wata. Dusar ƙanƙara ta rufe gari, ya fitar. An yi masa aiki a gwiwa, ya fitar. Sunan takardar na gaskiya Ina Labari, amma ba mai kiran ta haka, kowa takardar Fataw yake cewa. Ga shi yau yana zaune a teburin cin abinci na gidansa da ke Grand Concourse, shayi ya huce a gabansa, abu ɗaya ya hana shi sakat: wane hoton matarsa zai sa, kuma yaya girmansa zai kasance.

Wanda bai san Fataw ba zai ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, mai takarda ya sa abin da ya ga dama. To, sai an koma baya kaɗan.

A Zangon Kumasi aka haife shi. Mahaifinsa fataucin goro yake yi, ya so ɗan ya gaje shi, amma yaron bai iya ciniki ba ko kaɗan, in mai saye ya yi masa murmushi sai ya ƙara masa goro biyu. Abin da ya iya shi ne rubutu mai kyau. Shi yake rubuta sunayen shaguna a jikin katako, shi yake zana kalmomi a bayan motocin haya. Da ya zo New York a shekarun casa'in babu mai neman mai fenti da buroshi, sai ya samu aikin tsaron garejin ajiye motoci a Manhattan, ya zauna a cikin wani ɗan akurkin gilashi yana karɓar makullai har gashinsa ya yi fari. Ba ya ƙorafi. Ya ce aikin ya ba shi abin da ya fi so, wato kujera da lokaci.

A wancan zamanin babu waya a aljihun kowa. In aka yi haihuwa a Parkchester, sai an yi mako biyu kafin mutanen Harlem su ji. In mutum ya rasu a gida, wani lokacin sai ka gaisa da ɗansa kana wasa da dariya, daga baya ka ji labari kunya ta rufe ka. Shugaban ƙungiya, Alhaji Uwaisu, Bakano mai aiki a ɗakin magani na wani asibiti, shi ya ce a riƙa fitar da takarda. Aka duba aka duba, aka ce ga Fataw mai kyan rubutu. Shi kuwa ya amsa da sauri, kamar an ba shi sarauta.

Takardar farko, Allah Ya gafarta mata. Fataw ya sayi babbar takarda, mai inci sha ɗaya da sha bakwai, wadda in aka ninke ta biyu take ba da shafi huɗu. Ya buga labarai a kwamfutar laburare, ya yanka da almakashi, ya manna duk inda ya ga fili. Labarin suna ya hau kan labarin rasuwa. Sanarwar lokutan salla ta karkace kamar za ta faɗo. Layukan rubutu sun miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, in ka kai ƙarshen layi sai ka manta inda za ka koma. Injin kwafi kuma ba ya buga har bakin takarda, sai ya cinye haruffan farko na shafin gaba. Amma abin alfaharinsa shi ne hoton matan ƙungiya na ranar Salla. Ya ƙara masa girma, ya shimfiɗa shi a tsakiya, ya haɗe shafi na biyu da na uku. Ya ninke takardu ɗari biyu da hannunsa, bai lura da inda ninkin ya bi ba.

Ranar Lahadi, bayan taro, yana tattara kujeru a ɗakin da ƙungiya take haya, sai ga wata doguwar mace ta nufo shi da takarda a hannu. Ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta ɗora yatsa a tsakiya.

"Kai ne Fataw?"

"Ni ne, Malama."

"Wacece wannan?"

Ya sunkuya ya duba. Mace ce a tsakiyar sahu, tana dariya, ɗankwalinta ya tashi sama. Ninkin takarda ya sauko daga goshinta, ya bi ta kan hancinta, ya raba haɓarta biyu. Tawada ta tsattsage a wurin, ta bar farin layi siriri.

"Ni ce," in ji ta. "Mata sha tara a hoton nan, ni kaɗai ka ga dama ka raba biyu. Daga Damagaram har Yamai ba wanda ya taɓa yi mini haka. Me na yi maka?"

Fataw ya fara ba da haƙuri da Hausarsa ta Zango, yana cewa bai yi da gangan ba koraa, wato ko kaɗan. Ita ko sauraron sa ba ta yi ba, ta riga ta juya takardar tana kallon sauran shafukan, tana girgiza kai irin na wanda ya ga an ɓata yadi mai tsada.

"Ka taɓa ganin tela ya sa almakashi bai ja alli ba?" ta ce. "Ka taɓa ganin an yanka riga ba a bar wurin ɗinki ba? Bon, shi ke nan. Ran Talata ka zo shagonmu a titin 116. Ka zo da takardarka."

Sunanta Zalia. Tela ce, tana da keke ɗaya a bayan shagon wani Basenegale a Harlem. Ba ta taɓa shirya jarida ba, shi ma haka. Abin da suka yi ranar Talatar nan, da Talatar da ta biyo baya, da wadda ta biyo bayanta, shi ne suka tara jaridun kyauta da ake zubarwa a tashar jirgi, suka riƙa auna su da tef ɗin awonta. Suka ga kowace jarida tana da ƙashi a ɓoye. Rubutu ba ya yawo yadda ya ga dama, yana sauka ne a cikin dogayen ginshiƙai masu faɗi ɗaya. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi akwai siririn fili da ba a taɓa shi. Hoto kuma ko dai faɗin ginshiƙi ɗaya, ko biyu, ko uku, ba ka taɓa ganin ya tsaya a rabi.

Suka samo farin kwali mai kauri. Mai shagon kwafi ya gaya wa Fataw ya nemi fensir mai launin shuɗi-shuɗi mara ƙarfi, don injin ba ya ganin sa, kana iya zana layukanka a ƙarƙashi ba za su fito ba. Zalia ta fara jan layi ɗaya daga sama har ƙasa a tsakiyar kwalin, ta ce wannan ninki ne. Ta auna rabin inci hagu da damansa, ta ja layi biyu.

"Nan ciki," ta ce, "ko ƙuda kada ya sauka. Balle hancin mutum."

Suka bar rabin inci a sauran gefuna ma, don injin ya daina cin haruffa. Saura inci bakwai da rabi a kowane shafi. Suka gwada raba shi biyu, ya yi kama da littafin makaranta, hoto kuma ko ya cika girma ko ya cinye shafi. Suka gwada huɗu, ginshiƙan suka yi siriri, dogayen kalmomi suka riƙa karyewa a kowane layi. Suka tsaya a uku. Tsakanin kowane biyu suka bar rubu'in inci, Fataw ya sa masa suna lungu, ya ce ya tuna masa da lungunan Zango inda mutum ɗaya kawai ke iya wucewa. Kowane ginshiƙi ya tashi inci biyu da sulusi. Zalia ta yi lissafin a kai, shi kuwa sai da ya cika bayan ambulan da lambobi kafin ya yarda.

Kwali biyu suka yi, don takardar fuska biyu gare ta. Na ciki mai sauƙi ne, shafi na biyu a hagu, na uku a dama. Na waje shi ya ɗaure masa kai: shafi na huɗu a hagu, na ɗaya a dama. Ya yi gardama, ya ce ta yaya huɗu zai riga ɗaya. Ta ɗauki ƙyalle ta ninke, ta rubuta lambobi da alli, ta buɗe a gabansa. Ya ga haka ne, ta yi dariya har Basenegalen ya leƙo.

Daga nan aikin ya samu hanya. Fataw zai buga labari a kwamfuta da faɗin ginshiƙi daidai, ya yanka dogayen tsiri, ya manna su a kan shuɗin layi. Hoto kuma sai a rage ko a ƙara shi a injin har ya yi daidai da ginshiƙi ɗaya ko biyu, a haska shi kaɗan, don injin kwafi bai san darajar baƙar fata ba, in ka bar shi sai ya mai da fuska gawayi da haƙora. A ƙarƙashin kowane hoto, suna a ƙananan haruffa. Ƙasan ginshiƙai uku dole su ƙare a layi ɗaya. In labari ya yi tsawo, a rage shi. In ya gaza, a cike da sanarwar mai gyaran gashi. Shafin farko na manyan labarai, na biyu da na uku na suna da aure da yaran da suka gama makaranta, na huɗu na ta'aziyya.

Kafin shekara ta zagayo aka ɗaura aure. Mutane suka ce ba su taɓa ganin wanda ya ɓata wa mace hoto ya samu mata ba sai Fataw, har wasu samari suka riƙa tambayar sa ko yana neman mataimaki.

Kyawawan shekaru ke nan, kuma duk wanda ya gan su yana kewar su. Lahadin ƙarshen wata, bayan la'asar, gidan Fataw cike yake. An kawo takardu daga shagon kwafi da ɗuminsu, mata suna ninkewa, Zalia tana bin kowane ninki da bayan cokali don ya kwanta. Akwai wake da shinkafa irin na Kumasi a tukunya ɗaya, akwai dambun zogale irin na Damagaram a ɗaya, kowa yana kushe na wani yana ƙarawa. Bakano, Bazazzagi, mutumin Maradi da ɗan unguwar Nima ta Ghana, kowa yana dariyar Hausar ɗan'uwansa. Washegari takardar za ta shiga masallatai da shagunan nama, ta shiga jakar masu aikin jinya, wata ma ta shiga ambulan ta tafi gida, tsohuwa a Tamale ta sa a karanta mata cewa jikanta ya gama sakandare.

Sai dai tsari ya zo da tasa rigimar. Da mutane suka gane hoto yana da awo, sai kowa ya fara ƙirga ginshiƙai. Me ya sa bikin wance ya samu biyu, nawa ɗaya? A shafukan biki Fataw yana lallaɓawa, wannan wata kai, wata mai zuwa shi. Amma shafi na huɗu ya fi ƙarfin lallaɓa, don mai makoki ba ya jin lallashi. Zalia ce ta yanke. Tana goge riga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na ɗinka wa masu kuɗi, na ɗinka wa masu wankin kwano," ta ce. "Likkafani dai farin yadi ne, ban taɓa ganin an yi wa wani aiki a wuya ba. Kowa ginshiƙi ɗaya, Malam. Hoto ɗaya, suna, gari, addu'a."

Haka aka yi. Direban tasi ginshiƙi ɗaya, limami ginshiƙi ɗaya, jaririn da bai kai suna ba, da babu hotonsa, aka bar masa farin fili mai faɗin ginshiƙi ɗaya da sunan iyayensa. Ba a samu matsala ba sai da yayan Alhaji Uwaisu ya rasu a Kano, babban attajiri wanda ya yi wa ƙaninsa komai har kuɗin jirgi. Alhaji ya zo da hoto cikin firam, ya ce shafin farko, ginshiƙi uku.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Fataw. "Shafi na huɗu, ginshiƙi ɗaya."

"Malam Fataw, ka san waye wannan kuwa? Ni na kafa takardar nan."

"Na sani, massa, maigidana. Allah Ya ji ƙansa. Amma watan jiya mahaifiyar mai shara ta samu ɗaya. In na ba ka uku, da wane ido zan dube shi?"

Alhaji Uwaisu ya ɗauki firam ɗinsa ya fita. Hoton ya fito a ginshiƙi ɗaya, don matarsa ta aiko da wani a ɓoye. Shekara guda cur Alhaji yana gaisawa da Fataw da fatar baki, yana kallon gefe. Abin ya yi wa Fataw ciwo ƙwarai, don yana son mutumin, kuma ya san ba girman kai ba ne ya kawo shi, baƙin ciki ne. Amma bai janye ba. Daga ranar ba wanda ya sake tambaya.

Zamani ya juya. 'Yarsu ɗaya tilo, Najat, ta girma ta zama malamar jinya, ta ce ba za ta ci gaba da ganin ubanta da gam a yatsu ba. Ta auna kwalin, ta zuba awon a kwamfuta: gefe rabin inci, ginshiƙi uku, lungu rubu'in inci, ta ajiye shi a matsayin shafin uwa wanda duk sauran shafuka ke bi. Layukan suka fito a fuskar kwamfuta, su ma ba sa fita a bugu. Fataw ya duba ya ce ashe masu kwamfuta ma sun saci fensirinsa. Kwalin kuwa bai yar ba, ya jingine shi a bayan kabad. Waya ta zo ta kwashe labarai, yau in aka haihu kafin a yanke cibi duniya ta ji. Takardu ɗari biyu suka koma sittin. Masu ninki suka watse, wasu sun koma gida, wasu sun koma Ohio, wasu sun koma ga Allah. Lahadin ƙarshen wata ta zama Fataw da Zalia da cokali ɗaya. Tsofaffi dai ba su daina karɓa ba, kuma kowa ya san shafin da suke fara buɗewa.

Zalia ta yi jinyar wata uku. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, Najat na riƙe da hannunta.

To, ga inda muka baro Fataw, da shayinsa mai sanyi. Ranar aka buga ƙofa bayan azahar, sai ga Alhaji Uwaisu, ya tsufa, yana dogara sanda, ya hau bene hawa uku yana haki. Suka gaisa, suka yi addu'a. Alhaji ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya yi magana.

"Malam Fataw, kwamiti ya zauna. Ba wanda ya ce a'a. Shafukan tsakiya biyu na Hajiya ne. Babban hoto, mai kyau, a tsakiya. Ita ba kamar kowa ba ce, da hannunta aka gina takardar nan." Ya ɗora hular a gwiwarsa. "Kada ka tuna da abin da ya wuce tsakaninmu. Ni na kawo shawarar."

Da Alhaji ya zo da gori, da abin ya yi sauƙi. Amma da zuciya ɗaya ya zo, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da Fataw yake faɗa wa kansa tun ranar jana'iza. Yana son ya ba ta komai. Yana son duk wanda ya buɗe takardar ya gan ta da girma, ya san wadda aka rasa. Inci biyu da sulusi, ga macen da ta cika masa gida shekara ashirin da takwas? Ya ji kamar rowa ce. Ya yi godiya, ya raka Alhaji har ƙasa.

Da Najat ta dawo daga aiki ya ce ta buɗe kwamfuta. Tana da hotunan mahaifiyarta da yawa a waya. Suka zaɓi na ranar da Najat ta gama karatu, Zalia cikin shuɗin leshi, ta haɗe baki ta yi tsaye kamar mai jiran a auna ta.

"Ki sa shi a tsakiya," ya ce. "Ki ja shi ya cika."

"Baba, zai ƙetare ninki fa. Kai ka ce never."

"Ki sa kawai."

Ta dube shi. Ta ja hoton ya haye ginshiƙai, ya haye lunguna, ya haye filin nan na tsakiya da ko ƙuda ba ya sauka. Washegari ta biya shagon kwafi ta bugo gwaji ɗaya ta kawo masa. Ya yi kyau, babu ƙarya. Fataw ya shimfiɗa shi a tebur ya daɗe yana kallo. Sannan hannunsa, da ya saba, ya haɗa gefe da gefe, ya ɗauki cokalin shayi ya bi ninkin da bayansa. Ya buɗe.

Layin ya sauko daga goshi, ya bi ta kan hanci, ya raba haɓa biyu.

Najat tana kicin ta ji wani sauti, ta fito a guje tana zaton kuka ne. Dariya yake yi, irin wadda ba ta ji ba tun kafin asibiti, yana buga tebur, hawaye na zuba a kan takardar.

"Na sake," yake cewa. "Wayyo Allah, Zalia, na sake raba ki biyu."

Daga baya dariyar ta ƙare, kukan ya rage shi kaɗai, Najat ta zauna kusa da shi ta bar shi ya yi. Da ya lafa ya tashi ya jawo kwalin daga bayan kabad. Shuɗin layukan sun koɗe, gam ya bar tabo ko'ina. A bayansa, manne da selotef da ya zama ruwan ƙasa, akwai takardar farko, ita dai wadda Zalia ta shimfiɗa masa a tebur ranar Lahadin nan. Najat ta sha ganin ta, ta ɗauka tsohuwar takarda ce kawai. Asalin hoton babu shi, mai shi ya koma Maradi da daɗewa. Ya ba ta labarin tun daga farko, yana nuna mata matan ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ba su da rai.

"Wannan za ki ɗauka," ya ce. "Ki yanko ta ita kaɗai, daga ɗankwali zuwa kafaɗa. Shafi na huɗu."

"Ginshiƙi nawa?"

"Ke ma kin sani."

Najat ta ɗauki hoton da na'urar sikan. Kwafin tsohon inji ne, da ta gwada ƙara masa girma sai fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo. Ta rage shi a hankali har gefensa ya manne da layukan ginshiƙi, sai ga Zalia ta dawo, budurwa, tana dariya da dukan haƙoranta. Farin layin na nan a kan hancinta.

"Zan iya goge layin nan, Baba. Two minutes."

"Kada ki taɓa shi."

Mutum uku ne a shafi na huɗu a watan. Wani dattijo mai sayar da turare daga Agadas a hagu, wani saurayi ɗalibi daga Bauchi a dama, Zalia a tsakiya, don haka jerin kwanakin rasuwarsu ya faɗa. Hoto ɗaya, suna, gari, addu'a. Ƙasan ginshiƙan uku suka ƙare a layi ɗaya. Shafukan tsakiya kuwa aka ba 'yan biyun da aka haifa a Parkchester da wata yarinya da ta haddace izu goma. Fataw ya ninke sittin ɗin da kansa, Najat tana bi da cokali.

Ranar addu'a ɗakin taro ya cika har waje, har waɗanda suka koma Ohio sun zo. Bayan an shafa fatiha aka fara rabon abinci, Fataw yana tsaye a bakin ƙofa yana miƙa wa kowa takarda. Alhaji Uwaisu ya karɓi tasa, ya buɗe tsakiya kai tsaye, ya ga jarirai biyu. Ya ɗago ya dubi Fataw. Ya juya baya a hankali, ya gyara tabarau. Ya daɗe a tsaye, mutane suna raɓa shi suna wucewa. Sai ya sa babban yatsansa a kan hoton yana murzawa, yana ƙoƙarin kwantar da layin.

"Kash," ya ce. "Tawa ta lanƙwashe. Malam Fataw, ba ni wata."

"Duk haka suke, Alhaji."

"To ai an ɓata mata fuska. Ba a gyarawa ne?"

Fataw ya karɓi takardar, ya duba, ya mayar masa da ita a hannu.

"Bar shi," ya ce. "Haka na same ta."